Gini Bai Ƙare Ba, Nawa Ce Ribar Ɗan Kwangila?

Mai shagon tireda ba ya wahala wajen sanin ribarsa. Ya sari kaya da safe, ya sayar kafin magariba, ya cire uwa, abin da ya rage nasa ne. Ɗan kwangilar gini ba shi da wannan sauƙin. Aikin da ya karɓa a watan Maris na bana zai iya kaiwa ƙarshen baɗi bai miƙa makulli ba, amma shekarar kuɗi ba ta jiransa. Ranar 31 ga Disamba dole a rufe littafi. Hukumar haraji tana son ganin lissafi, bankin da ya ba shi rance yana so, abokan haɗin gwiwa da suka zuba jari suna tambayar rabonsu. A lokacin kuwa gini yana tsakiya, an zuba dekin, katakon tokara yana nan, ba a ɗora kwano ba. To nawa za a rubuta a matsayin ribar wannan shekarar?

Amsoshi biyu ne suke fara zuwa bakin mutum, kuma duka biyun suna da aibu. Wani zai ce a jira har a gama, sannan a ƙirga. Idan aka yi haka, kamfanin da ya shekara yana aiki dare da rana zai bayyana a takarda kamar bai samu ko sisi ba, sannan a shekara mai zuwa riba ta faɗo masa gaba ɗaya, wanda ya duba littafin ba zai gane komai ba. Wani kuma zai ce a duba abin da ke asusun banki. Wannan ta fi haɗari, kuma ita ce ta durƙusar da 'yan kwangila da yawa. Kuɗin kafin alƙalami da mai aiki ya bayar don a fara, har yanzu bashi ne a wuyan ɗan kwangila, da siminti da gumi zai biya shi. Wanda ya sayi mota da shi ya ci uwar kuɗi tun kafin a haƙa fandisho.

Saboda haka akantoci suke buɗe wa kowace kwangila asusunta daban, ba a haɗa ta da sauran ayyukan kamfani. Duk buhun simintin da ya shiga wannan fili, duk ladan birkila, duk litar man janareta, a wannan asusun ake rubuta su. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki.

A ce wata makaranta mai zaman kanta a Zariya ta ba wani kamfani aikin gina ɗakin kwanan ɗalibai mai bene ɗaya a kan naira miliyan 300. Lokacin da aka sa hannu, kamfanin ya ƙiyasta zai kashe miliyan 250, ya tashi da miliyan 50. Don lissafin ya yi sauƙi, mu ɗauka ba a ba da kafin alƙalami ba. Yarjejeniyar ta ce duk lokacin da masanin ƙididdigar gini na ɓangaren makarantar ya zo ya auna aiki ya ba da satifiket, za a biya kashi 90 cikin 100 na abin da ya rubuta, a riƙe kashi 10 sai an gama gini an ga babu tsagewa ko yoyo.

Aikin farko a ƙarshen shekara shi ne sanin abin da ginin ya ci, kuma wannan ya bambanta da abin da aka biya. Littafi ya nuna an kai kayan gini na miliyan 105 fili. Amma idan aka buɗe sito ranar 31 ga Disamba za a tarar da siminti da rodi da bulo na miliyan 9 ba a taɓa su ba. Waɗannan ba su shiga gini ba tukuna, don haka a cire su, saura miliyan 96. An biya birkiloli da kafintoci da leburori miliyan 34, amma akwai ladan makonni biyun ƙarshe, miliyan 2, da ba a biya ba sai Janairu. Aikin an riga an yi shi, dole ya shiga lissafin bana, ya zama miliyan 36. Kamfanin ya sayi injin kwaɓa kankare da janareta da ƙarafunan tsani na miliyan 20. Ba za a ɗora wa wannan ginin kuɗinsu duka ba, tunda za su yi wani aikin bayan wannan. Abin da za a ɗora masa shi ne darajar da suka rage, idan yanzu sun tsaya a miliyan 15, to ginin ya ci miliyan 5. An ba ƙananan 'yan kwangila na wayarin da famfo miliyan 11, sannan man dizal da tankar ruwa da albashin maigadi da inshora sun lashe miliyan 8. Idan aka tara, ginin ya ci naira miliyan 156.

Wannan mataki na ƙirga sito, da yawa suna raina shi, su bar wa yaron sito ya faɗi abin da ya ga dama. Kowane buhun da aka ƙara a baki wanda babu shi a sito yana rage kashe kuɗi a takarda, ya ƙara riba ta ƙarya. Simintin da ya sha ruwa ya daskare ma bai kamata a ƙirga shi cikin kayan da suka rage ba, asara ce, a rubuta ta da sunanta.

Yanzu a juya ɗaya gefen. Satifiket ɗin da aka bayar zuwa ƙarshen shekara sun kai miliyan 180, makaranta ta biya miliyan 162, ta riƙe miliyan 18. Akwai kuma aikin da aka yi bayan zuwan mai awo na ƙarshe, ginin bulo na wasu ɗakuna a sama, wanda ya ci miliyan 6 kuma ba a auna shi ba tukuna. Idan aka cire wannan daga miliyan 156, aikin da aka shaida ya ci miliyan 150. Ga aikin miliyan 180 da aka yi da miliyan 150, tsakani miliyan 30 ke nan.

A nan ne mai kamfani yakan gyara zama ya ce wa akantansa, “To Malam, ai shi ke nan, rubuta talatin.” Akanta mai hankali zai ce, “Ranka ya daɗe, wannan ribar zato ce, saura kwano, saura filasta, saura damina.” Gaskiyarsa ne. Wannan miliyan 30 ta nuna abin da ya faru a baya kawai, ba ta ce komai game da sauran aikin ba. Manomin da gonarsa ta yi kyau a watan Agusta bai san abin da zai zuba a rumbu ba sai ya ga yadda ruwan Satumba ya kaya.

Tsohuwar dabarar da ake koyarwa a azuzuwan lissafin kuɗi, wadda har yanzu ɗalibai suke haɗuwa da ita a littattafai, tana maganin wannan ne da taka-tsantsan. Idan aikin da aka shaida bai kai rubu'in kuɗin kwangila ba, ba a ɗaukar riba ko kaɗan. Idan ya kai rubu'i amma bai kai rabi ba, a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na ribar zato. Daga rabi zuwa sama, a ɗauki kashi biyu cikin uku. Sannan a sake rage abin da aka samu daidai da kuɗin da ya shigo hannu. A misalinmu miliyan 180 cikin 300 kashi 60 ne, ya wuce rabi. Biyu cikin uku na miliyan 30 shi ne miliyan 20. Tunda kashi 90 na satifiket aka biya, a ɗauki kashi 90 na wannan, ya zama miliyan 18. Ita za a kai asusun riba, sauran miliyan 12 a ajiye saboda abin da ka iya tasowa.

Dabarar tana da sauƙi, kuma ta hana mutane da yawa yin rawar kai. Amma ni a ganina tana da babban giɓi. Kashi biyu cikin uku ɗin nan ba daga filin gini ya fito ba, al'ada ce kawai. Lamba ɗaya take ba wanda sauran aikinsa fenti ne da wanda sauran aikinsa rufin da farashin ƙarfensa ya ninka. Tana rage ribar don tsoron gaba, alhali ba ta leƙa gaban ta ga abin da ke can ba.

Ƙa'idar da manyan kamfanoni suke bi yanzu tana tilasta wannan leƙen. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun koma kan ƙa'idojin lissafi na duniya tun 2012, kuma daga 1 ga Janairu 2018 ƙa'idar da ake kira IFRS 15 ta maye gurbin tsohuwar IAS 11 da ta shafi kwangilar gine-gine. Abin da take cewa, a taƙaice, idan kana gini a filin mai aiki, duk bulon da ka ɗora ya zama nasa, don haka kana da damar rubuta kuɗin shiga sannu a hankali daidai da yadda aikin yake tafiya. Wanda kuwa ya gina gidaje a filinsa yana jiran mai saye, yawanci sai ranar da ya miƙa gida zai ƙirga. Tunda ɗakin kwananmu a filin makaranta yake, ya shiga kashin farko.

Hanyar da aka fi bi wajen auna tafiyar aiki ita ce a kwatanta abin da aka kashe da abin da za a kashe gaba ɗaya. Ka ga dole a sake sabon ƙiyasi, ba za a dogara da na ranar sa hannu ba. Injiniyan fili da mai ƙididdigar gini na kamfani su zauna da takardar adadin kaya, su bi layi-layi: bandir nawa na kwano ya rage, buhu nawa na filasta, tayil, tagogi, ƙofofi, fenti, lada, duka a kan farashin kasuwar yau. A ce sun tashi da miliyan 104. Idan aka haɗa da miliyan 156 da aka riga aka kashe, ginin zai ci miliyan 260, ba 250 da aka zata tun farko ba. Ribar kwangilar gaba ɗaya ta sauko daga miliyan 50 zuwa 40. An kashe 156 cikin 260, wato an yi kashi 60 cikin 100 na aiki. Kashi 60 na miliyan 40 shi ne miliyan 24. A littafi za a rubuta kuɗin shiga miliyan 180, kashewa miliyan 156, riba miliyan 24.

Gini ɗaya, rana ɗaya, mun samu lambobi uku: 30, 18 da 24. Ta ƙarshen ce ta fi kusa da gaskiya, amma fa da sharaɗi, sai idan miliyan 104 ɗin nan gaskiya ce. Duk sauran lambobin suna da takarda a bayansu. Siminti yana da rasit, lada yana da rajista, satifiket yana da sa hannun mutumin waje. Kuɗin ƙarasa aiki shi kaɗai ne babu rasit, daga bakin mutanen kamfani yake fitowa, su ne kuma suke amfana idan riba ta yi kyau.

Duba yadda wannan lamba take juya komai. A ce manajan aiki yana neman sabon rance a banki, sai ya ce ai miliyan 84 za ta ƙarasa ginin. Bai taɓa rasit ko ɗaya ba, bai ƙirƙiri satifiket ba. Amma yanzu jimillar kashewa ta zama miliyan 240, ribar kwangila ta tashi zuwa miliyan 60. Ƙari a kan haka, 156 cikin 240 kashi 65 ne, wato aikin ma ya yi kamar ya ƙara gaba. Kashi 65 na miliyan 60 shi ne miliyan 39. Rage miliyan 20 daga ƙiyasi ya ɗaga ribar bana daga 24 zuwa 39, alhali ko bulo ɗaya ba a ƙara a ginin ba. Sau da yawa ma ba da niyyar ha'inci ake yin wannan ba. Mutum yana son aikinsa, yana fatan farashi zai sauko, ya manta da gyare-gyaren ƙarshe da suke cin kuɗi a ɓoye, sai ya faɗi abin da zuciyarsa take so.

Wannan cuta ba ta bar manya ba. Kamfanin Carillion, wanda a lokacin shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin gine-gine a Birtaniya, ya sanar a watan Yulin 2017 cewa zai zaftare fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinsa, saboda kuɗin da ya lissafa zai samu a kansu ba za su zo ba. A watan Janairun 2018 ya ruguje, ya bar manyan asibitoci biyu ba a gama ba, da dubban ƙananan 'yan kwangila suna binsa bashi. 'Yan watanni kafin wannan sanarwa, littattafansa riba suke nunawa har ana raba wa masu hannun jari.

A wajenmu abin da ya fi rusa ƙiyasi shi ne farashi. Wanda ya sa hannu a kwangila a farkon 2023, kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu a kuma saki naira a watan Yuni, ya san abin da ya gani. Zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, rodi da kwano da kuɗin tifa duk suka bi sahu. Idan yarjejeniya ba ta da sakin layin da ya ba da damar ƙarin kuɗi saboda tashin farashi, ɗan kwangila ne zai shanye bambancin shi kaɗai.

Mu mayar da misalinmu cikin irin wannan yanayi. A ce da aka zauna aka lissafa da farashin yau, ƙarasa ginin zai ci miliyan 164. Jimilla miliyan 320 ke nan a kan kwangilar miliyan 300, faɗuwar miliyan 20. A nan hukuncin ya canja gaba ɗaya. Riba ana ɗaukarta kaɗan-kaɗan, amma asarar da aka hango ba a raba ta, duka miliyan 20 ɗin za ta bayyana a lissafin bana. Abin da ya riga ya auku ya fito a asusun kwangila, sauran kuma a yi masa tanadi ƙarƙashin ƙa'idar IAS 37 da ta yi magana kan kwangilar da ta zama kaya. Dalili kuwa a fili yake, hannun da aka sa a yarjejeniya ya riga ya ɗaure kamfani, ba zai iya ajiye aikin ya tafi ba tare da tara ba. Abin lura shi ne a wannan halin satifiket yana nan a miliyan 180, ribar zato tana nan a miliyan 30, tsohuwar dabara za ta ba da ribar miliyan 18 ga wanda ya bi lambobin ido rufe, a kan aikin da zai ƙare da faɗuwa.

Akwai wasu ramuka biyu da suka cancanci a ambata. Na farko, kashe kuɗi ba kullum yake nufin ci gaba ba. Idan katanga ta karkace aka rushe ta aka sake, miliyan 4 ɗin da ta ci sau na biyu ba ta matsar da gini gaba ba. Idan aka bar ta cikin lissafin auna tafiyar aiki, kuskuren birkila zai koma ci gaba a takarda. A fitar da ita a rubuta ta asara kai tsaye. Na biyu shi ne ƙarin aiki na baki. Shugaban makaranta ya zo zagaye ya ce, “Injiniya, ku ƙara mana banɗaki huɗu a can, ma daidaita daga baya.” An yi aikin, an kashe kuɗi, babu takarda, ba a tsayar da farashi ba. Kashewar ta tabbata, biyan yana hannun Allah. Har sai an samu amincewar da za ta tsaya a gaban shari'a, kuma akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa kuɗin ba zai zame ba, kada a ƙara shi a kan miliyan 300.

Idan kuma aiki yana farkonsa, ko rigima ta sa ba za a iya hango ƙarshensa ba, ƙa'ida ta ce a rubuta kuɗin shiga daidai da abin da aka kashe wanda ake sa ran za a dawo da shi. Ba riba, ba faɗuwa, har gari ya waye.

To ta yaya wanda ba akanta ba zai gane an kumbura masa riba? Ya kwatanta lambobi biyu, kashin aikin da littafin kamfani yake faɗa da kashin da satifiket ɗin mai awo ya nuna. A misalinmu na farko duka biyun 60 ne. Idan littafi ya ce 75 satifiket ya ce 55, akwai magana, ko dai an ƙirga kayan da ke sito a matsayin aiki, ko an matse ƙiyasin ƙarasawa. Ya kuma duba ko jimillar ƙiyasin tana motsi daga shekara zuwa shekara. Kwangilar da aka sa wa hannu shekara biyu da suka wuce, farashi ya tashi a kasuwa, amma ƙiyasinta yana nan inda yake, alama ce babu wanda ya sake zama a kansa. Haka nan kamfanin da yake nuna riba kowace shekara amma leburorinsa suna bin bashin mako uku, dilan siminti ya daina ba shi kaya sai da kuɗi hannu.

Ko da ribar miliyan 24 ɗin ta tabbata daidai, ba ta zama kuɗin rabawa nan take ba. A misalinmu makaranta ta biya miliyan 162, amma kamfani ya fitar da miliyan 105 na kaya, 34 na lada, 20 na injuna, 11 da 8 na sauran, jimilla miliyan 178. Littafi yana nuna riba, asusu yana da giɓin miliyan 16, ga miliyan 18 a riƙe a hannun makaranta, kuma irin wannan kuɗin riƙo yakan daɗe kafin ya fito.

Don haka, mai karatu, idan ka zuba jari a kamfanin ɗan'uwanka, ko kana cikin kwamitin ƙungiyar da ta ba ɗan kwangila rance, ko kai ne mai kamfanin da kanka, ranar da aka kawo maka lissafin ƙarshen shekara kada ka tsaya a layin riba. Ka nemi takardar ƙiyasin abin da ya rage a kashe, ka duba ranar da aka rubuta ta da farashin simintin da aka sa a ciki, ka tambayi wanda ya sa mata hannu ko ya taka filin da ƙafarsa. Idan babu wannan takardar, kada ka yarda a raba ko kwabo.